Haruffa uku a gefen zane: yadda ake zaunar da ƙarfe kafin a auna shi

Kafinta na iya rage bakin katako da wuƙa idan ya ƙi shiga, amma mai ƙera kayan inji ba shi da wannan damar. Farantin ƙarfen da aka huda a wata masana'anta dole ne ya dace da jikin injin da aka yi a wata, ko da masu aikin ba su taɓa ganin juna ba. Abin da ya haɗa su shi ne zanen injiniya, kuma a jikin zanen akwai wani ɗan akwati mai ɗakuna a jere, kamar haka:

```
| ⌖ | ⌀0.2 | A | B | C |
```

Ɗakin farko yana cewa mazaunin rami ake magana a kai. Na biyu yana cewa tsakiyar ramin ta tsaya cikin da'ira mai faɗin milimita 0.2, wato kada ta kauce fiye da 0.1 ta kowace fuska. Haruffan ƙarshe ne suke amsa tambayar da ta fi kowacce nauyi: daga ina za a auna? Injiniyoyi na kiran kowannensu datum, mu kuwa mu ce madogara. Ƙa'idar Amurka mai suna ASME Y14.5 da ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 5459 duk sun yi bayanin wannan tsari.

Aikin farko shi ne nemo fuskar da kowane harafi yake nufi. Za a ga harafin cikin ƙaramin murabba'i, da layi zuwa wata alama mai kusurwa uku da ta dafe a kan fuskar. A ce farantinmu tsawonsa milimita 100 ne, faɗinsa 60. Fuskarsa ta ƙasa ita ce A, dogon gefe B, gajeren gefe kuma C.

Abin da ba a ɗaure ba yana da hanyoyin motsi shida. Yana iya zamewa sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, yana kuma iya juyawa ta hanyoyi uku. Aikin haruffan nan shi ne su toshe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, har ƙarfen ya rasa inda zai motsa.

Duk wanda ya san murhu ya san dalilin da ya sa duwatsunsa uku ne: tukunya ba ta girgiɗi a kan uku. Haka madogara ta farko take. Ana kwantar da fuskar A a kan teburin awo, wanda galibi na dutse ne da aka goge sumul, sai ta taɓa shi aƙalla a wurare uku mafi tudu. Yanzu farantin ba zai yi ƙasa ba, ba zai karkata gaba ko gefe ba. Hanyoyi uku sun toshe. Daga nan sai a tura shi, yana nan kwance, har dogon gefen B ya jingina da miƙaƙƙiyar sanda, ya taɓa ta aƙalla a wurare biyu. Wannan ya hana shi zamewa ta wannan fuskar, ya kuma hana shi juyawa a kan teburin. Saura hanya ɗaya, wato zamewa a jikin sandar. Sai a zame shi har gefen C ya taɓa sanda ta biyu, ko da a wuri ɗaya ne tak. Uku, biyu, ɗaya: shida sun cika.

A nan akwai abin lura. Ba daga fatar ƙarfen ake aunawa ba, domin tana da tudu da kwari da ido ba ya gani. Daga teburin da sandunan ake aunawa, su ne suke wakiltar cikakkun shimfiɗu uku da suka haɗu a miƙe. Wanda ya maƙala bakin ma'auni a gefen farantin kai tsaye yana iya faɗawa cikin kwari, ya samu lambar da ba ita zanen yake nufi ba.

To, me zai faru idan aka sauya jerin? A ce wanda ya yanke farantin ya ɗan kuskure, gajeren gefen ya karkata ciki da milimita 0.3 a cikin tsawonsa na 60. An huda ramin a nisan 80 daga C da 30 daga B, farantin yana zaune yadda zanen ya ce. Idan mai awo ya bi A, B, C, dogon gefe zai kwanta sosai a jikin sanda, gajeren ya taɓa a lungu kawai, ramin kuma ya fito daidai.

Amma a ce ya fara jingina C kafin B. Don gajeren gefen ya manne da sandarsa, dole farantin gaba ɗaya ya ɗan juya. Karkatar 0.3 a cikin 60 tana nufin rabin milimita a cikin 100, don haka ƙarshen dogon gefe zai janye daga sandarsa da 0.5. Ramin da yake nisan 80 zai goce da 0.4 ta fuska ɗaya, da 0.15 ta ɗaya fuskar. An yarda masa 0.1, ga shi awo ya nuna ya kauce fiye da ninki huɗu. Ƙarfe ɗaya, rami ɗaya, amma za a watsar da kaya mai kyau saboda an zaunar da shi ba bisa ƙa'ida ba. Haka kuma marar kyau zai iya tsallakewa, sai ranar haɗa inji noti ya ƙi shiga.

Shi ya sa ake karanta haruffan daga hagu zuwa dama kamar yadda aka jera su a akwatin, ba yadda suke a abacada ba. Idan an rubuta A, C, B, to C ce ta biyu, ita ke da wurare biyu. A zane ɗaya ma, wani rami na iya bin jeri dabam da na wani, kuma kowane jeri sabon zama ne.

Jerin ba son ran mai zane ba ne. Fuskar da farantin zai manne da jikin inji idan an ɗaure noti ita ta cancanci zama ta farko, gefen da yake saita shi ya zama na biyu. Idan mai karatu ya ga an ba da matsayin farko ga siririn gefe alhali faffaɗar fuska ce take ɗaukar ɗauri, ya dace ya koma ga mai zanen ya tambaya kafin a taɓa ƙarfe.

Ana iya gane zaman da ya ɓaci tun kafin a ɗauki ma'auni. A danna kusurwoyin farantin da yatsa. Idan ya yi girgiɗi, ko dai akwai ɓurɓushin yanka a ƙarƙashinsa, ko fuskar A ta yi doro. A haska fitila ta bayan sanda. Haske a ƙarshen gefen B yana nuna C ta ƙwace matsayin da ba nata ba, amma ɗan haske a gefen C ba laifi ba ne, tunda wuri ɗaya aka nema mata. Wajen matsewa ma a bi jerin: a fara danne shi ƙasa a hankali, a tura zuwa B, sannan zuwa C, a sake duba cewa turawar ƙarshe ba ta ɗaga na farko ba. Sai an tabbatar da wannan ne lambar da ma'auni zai nuna take zama amsar tambayar da zanen ya yi.