Hujjar Isar Wasiƙa: Rajista, Miƙawa Hannu da Hannu, ko Imel

Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa, kuma duk wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce ya aika wa abokin husumarsa takarda, alhali wancan ya yi inkarin ganinta, to shi ne mai da'awa, shi za a nema da bayyina. Ba kuwa aikawar ake tambaya ba, domin kowa yana iya rantsuwa ya aika. Abin da shari'a take so ta sani abu uku ne: mene ne a cikin takardar, wane ne ya karɓe ta, kuma a wace rana.

Mutanen Yelu da ke haya a kasuwar Gaya suna ƙarƙashin wata doka da ta fayyace wannan mas'ala sarai. Nijar da Benin suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci, kuma dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a Lome a Disamba 2010 ta ba wa wanda ya shekara biyu yana sana'a a shagon haya haƙƙin a sabunta masa yarjejeniya, bisa sharaɗin da ke aya ta 124, wato idan hayar mai ajali ce, ya nemi sabuntawar aƙalla wata uku kafin cikar ajalin, ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, ko ta kowace hanya da za ta tabbatar cewa saƙon ya shiga hannun mai shago haƙiƙatan. Wanda ya bari lokacin ya wuce, haƙƙinsa ya faɗi.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar hatsi daga Yelu ya kama shago a Gaya na shekara uku, ajalinsa 31 ga Disamba, mai shagon kuwa yana zaune a Doso, ana kuma raɗe-raɗin ya sami wanda zai ƙara kuɗi. Wajibi ne buƙatar ɗan haya ta kasance a hannun mai shago kafin Satumba ya ƙare, ga hanyoyi uku a gabansa.

Idan ya tafi gidan waya ya aika wasiƙar rajista, za a ba shi rasit mai lamba da hatimin ranar da ya ba da ita, kuma in ya biya kuɗin katin shaidar karɓa, wanda zai je tare da ambulan, za a komo masa da katin ɗauke da sa hannun mai karɓa da kwanan wata. Ƙarfin wannan hanya shi ne mai shaidar ba shi da ruwa da rigimar. Sai dai rasit aikawa kaɗai yake tabbatarwa, kuma da yake yawancin wasiƙu a ƙasarmu akwatin gidan waya suke jira har mai su ya zo, idan an aika ranar 22 ga Satumba, mai shago ya ga sanarwa ya yi biris, bai je ya sa hannu ba sai 6 ga Oktoba, to ya sami abin kamawa a kotu, tun da katin da aka yi fatan ya zama hujja shi ne zai nuna an makara. Akwai kuma illa ta biyu, cewa gidan waya ambulan ya gani, bai karanta abin da ke ciki ba, don haka mai hankali yakan rubuta lambar rajistar a jikin wasiƙar kafin ya manne ambulan, ya kuma ajiye kwafinta tare da rasit.

Hanya ta biyu ita ce ya shiga mota ya kai takardar da kansa, kwafi biyu iri ɗaya, ya miƙa ɗaya, a rubuta masa a kan ɗayar cewa an karɓa. Wannan ita kaɗai ce take amsa tambayoyin nan uku a fuskar takarda guda, amma fa in an cika sharuɗɗanta: kwanan wata a rubuce, cikakken sunan mai karɓa da matsayinsa, sa hannunsa, da hatimi in ofis ne ko kamfani, tare da lambar da aka shigar da takardar a littafin wasiƙu masu shigowa. Hatimi tsirara, ba suna ba rana, rabin hujja ne, haka nan sa hannun maigadi ko yaron shago da ba a wakilta ba, domin gobe sai a ce ba shi da izinin karɓa. Idan takardar ta wuce shafi ɗaya, a sa hannu a kowane shafi, kuma in mai karɓa ba ya karatun boko, a karanta masa gaban shaidu biyu da za su sa hannu su ma. Iyakar wannan hanya a fili take, domin ba a tilasta wa mutum ya kama alƙalami. Ranar da mai shago ya ce ba zai sa hannu ba, sai a nufi wisiye ba tare da jinkiri ba, saboda shi yana rubuta cewa ya je, ya miƙa, an ƙi karɓa, kuma rubutunsa yana da nauyin da maganar ɗan haya ba ta da shi.

Imel kuwa ya fi su sauri da arha, yana kuma adana lafazin saƙon da sa'ar da ya fita, ga shi Nijar ta yi dokar mu'amala ta lantarki a 2019, Najeriya ma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya karɓi abin da aka fitar daga na'ura bisa sharuɗɗa. Amma ganin saƙo a cikin waɗanda aka aika ba ya nuna ya isa, kuma ko da na'urar da ke karɓar saƙonnin mai shago ta amsa da `250 OK`, ma'anarsa ta karɓa ta ajiye, wataƙila ma cikin tarkacen da ba a dubawa. Ba ta shaida cewa idon mutum ya sauka a kai ba. Hoton fuskar waya ma hujja ce mai rauni, gara a adana asalin saƙon da layukansa na `Received` da `Message-ID`. Abin da ke ba imel ƙarfi shi ne amsa, domin in mai shago ya mayar da ko da kalma biyu cewa ya gani, daga adireshin da aka rubuta cikin yarjejeniyar haya, wannan ya kusa zama iƙrari.

Saboda haka shawarata ga ɗan kasuwar nan ita ce kada ya jira Satumba. Tun farkon Agusta ya kai takardar Doso hannu da hannu, ya komo da kwafinsa mai sa hannu, a ranar kuma ya tura hotonta ta imel. In an ƙi shi, yana da sauran makonni na neman wisiye. Rajista a bar ta ga wanda nisa ko iyakar ƙasa ta hana shi zuwa, kamar wanda mai shagonsa yake zaune a Kwatano, shi ma da katin shaidar karɓa da ratar wata guda ko fiye. Kuɗin mota daga Yelu zuwa Doso da ladan wisiye, ko an haɗa su, ba su kai asarar shagon da aka shekara uku ana tara masa abokan ciniki ba.