Cira ɗaya, layi biyu: yadda ake karanta hoton asusun banki

Ɗan ci-rani da aka turo wa hoton asusunsa daga Maradi yakan duba Solde kawai, wato abin da ya saura. Amma ɓarnar tana ɓuya ne a layin Débit, inda ake rubuta kuɗin da suka fita.

A ce asusun yana da jika 200, aka ciri jika 50 sau ɗaya, sai ga saura sefa 99.500. Giɓin sefa 50.500 ke nan. Idan Retrait GAB ya fito sau biyu, kuɗi ɗaya, lamba ɗaya, an maimaita cirar. Kafin ƙorafi, a duba layin Crédit: idan akwai Annulation ko Extourne, an riga an mayar da kuɗin.

Sauran sefa 500 da aka rubuta Frais fa? Tun 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya ce cira a na'urar bankin mutum kyauta ce. Ta wani banki ce ake biya.

Hoto yakan yanke layuka, don haka a nemi cikakkiyar takardar wata, ita ma kyauta ce. A haɗa ta da rasit, a kai ƙorafi a rubuce.