Idan Likita Ya Ce a Dakata da Allurar Rigakafi: Wasiƙar da Za a Kai wa Shugaban Makaranta



A duk lokacin da ma'aikatanmu suka shiga makarantar boko ko ta Islamiyya domin yin allurar rigakafi, akan sami yaro ɗaya ko biyu da likita ya ce a jinkirta musu. Idan babu takarda a hannu, ɗayan abubuwa biyu kan faru. Ko dai a rubuta cewa iyayen sun ƙi, ko kuma a yi wa yaron allurar a lokacin da ba za ta amfane shi ba. Gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ita ce ke hana aukuwar duka biyun.

Me ya sa ake dakatawa bayan ƙarin jini?

Bari mu ɗauki misalin da muka fi cin karo da shi, wato yaron da aka yi wa ƙarin jini saboda ciwon sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Allurar ƙyanda tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana ƙwarai. Idan ta shiga jiki, sai jikin ya koyi yaƙi da ita, ya tanadi garkuwa ta kansa. To amma jinin da aka ƙara wa yaro yakan zo da garkuwar wanda ya ba da shi. Wannan garkuwar aro takan kashe ƙwayar allurar tun kafin jikin yaron ya koyi komai, sannan ita ma ta ƙare bayan 'yan watanni. Sai a wayi gari kati ya nuna an yi allura, alhali yaron ba shi da kariya.

Saboda haka ake jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jini da abubuwan da ake cirowa daga cikinsa suna iya hana allurar ƙyanda aiki na tsawon wata 3 zuwa 11, gwargwadon irin abin da aka ba mutum da yawansa. Ga ƙarin jinin da aka saba yi, likitoci sukan sa wata 6. A lura da kyau, a nan dalilin jiran shi ne tsoron kada allurar ta tafi a banza. Kuma ƙarin jini ba ya hana ɗigon shan-inna ko allurar sanƙarau.

Akwai wani dalilin na daban. Yaron da ake yi wa maganin ciwon daji, ko yake shan magani mai rage garkuwar jiki da yawa na tsawon mako 2 ko fiye, kamar yadda ake ba wasu masu ciwon ƙoda, ba a ba shi allurar ƙyanda, ko ta shawara, ko ɗigon shan-inna sai likitansa ya yarda, domin jikinsa ba zai iya riƙe ko da raunanniyar ƙwaya ba. Haka nan wanda ke kwance da zazzaɓi mai zafi, akan bari sai ya warware. Amma mura, ko ɗan tari, ko ɗan gudawa, ko rama, ba dalilin dakatawa ba ne.

Abin da ya kamata wasiƙar ta ƙunsa

Uba ko uwa ko mariƙi ne ke rubuta wasiƙar, amma ba shi ke yanke hukuncin dakatawar ba. Wajibi ne a haɗa ta da takardar likita ko jami'in asibitin da ke duba yaron, mai ɗauke da sa hannu da hatimi da kwanan wata. Wasiƙar ta ambaci cikakken sunan yaro da ajinsa. Ta faɗi sunan allurar da aka dakatar, ita kaɗai, kada a rubuta "ban da allura" kawai, domin hakan zai sa a tsallake shi a sauran da ya cancanta. Ta faɗi ranar da dakatawar za ta ƙare. A ƙarshe ta roƙi a sanar da iyaye nan take idan cutar ta ɓulla a makarantar.

A ce wata yarinya 'yar shekara 7 an yi mata ƙarin jini ranar 10 ga Maris, kuma ba a taɓa yi mata allurar ƙyanda ba. Ga yadda mahaifinta zai rubuta:

"Zuwa ga Malam Shugaban Makaranta. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa an yi wa 'yata, (suna), da ke aji biyu, ƙarin jini ranar 10 ga Maris. Likita ya umarci a dakata da yi mata allurar ƙyanda har zuwa 10 ga Satumba, domin idan aka yi yanzu ba za ta kama ba. Takardarsa tana haɗe da wannan. Ba mu ƙi rigakafi ba, kuma na amince a yi mata sauran waɗanda suka dace da shekarunta. Ina roƙo, idan aka ga alamar ƙyanda ga wani ɗalibi, a sanar da ni a ranar. Da zarar an yi mata, zan kawo katin ka gani, in sha Allahu. Na gode, Allah Ya ƙara girma. (Suna, sa hannu, lambar waya da kwanan wata.)"

A lura cewa mahaifin bai ambaci ciwon da ya sa aka yi ƙarin jinin ba. Wannan haƙƙinsa ne. Abin da makaranta ke buƙata shi ne sunan allura da ranar ƙarewar wa'adi.

Abin da ke kan shugaban makaranta

Ya adana wasiƙar a matsayin amana, kada a karanta ta a gaban aji. Ranar da ma'aikata suka zo, ya nuna wa shugabansu, domin a rubuta cewa an jinkirta bisa umarnin likita. Dakatawar ba ta hana yaro zuwa makaranta. Sai dai idan wani ɗalibi ya zo da zazzaɓi, da tari, da jan ido, sannan ƙuraje suka fara daga fuska, a aika wa iyayen yaron da ke jira a ranar. Mai ƙyanda yakan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, don haka ba a jira sai gobe. Likita ne zai duba ko yaron zai zauna a gida, ko a yi masa allurar a lokacin sannan a sake bayan wa'adi.

Inda aka fi yin kuskure

Kuskure mafi yawa shi ne mantuwa. Wata 6 yana da tsawo, yaro ya warke, ma'aikata sun tafi, sai jiran ɗan lokaci ya zama na har abada. A rubuta ranar a kan katin rigakafi, kuma idan ta cika a kai shi asibiti mafi kusa, ba sai an jira zagaye na gaba ba. Idan aka sake ƙara masa jini kafin ranar, lissafi ya canja, sai a koma wurin likita a sabunta wasiƙar. Idan kuwa an riga an yi allurar cikin kuskure a lokacin jiran, a gaya wa likita domin a sake ta a kan kari.

Kira ga malamai

Mun ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003 da 2004. Idan mutane suka ji an ce "likita da kansa ya hana ɗan wane allura", magana takan sauya kafin ta kai ƙarshen unguwa. Muna roƙon limamai da malaman Islamiyya da na tsangaya su bayyana wa jama'a cewa wannan jinkiri ne mai dalili da wa'adi, na yaro guda, kan allura guda. Kuma a wannan tsakani, abin da ke tsare yaron shi ne rigakafin da aka yi wa 'yan ajinsa da 'yan gidansu.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.