Ɗigogin Parabolic SAR: yadda suke bin farashi, da inda suke yaudarar ɗan kasuwa

Duk wanda ya kunna Parabolic SAR a jadawalin farashin hannun jari ko na canjin kuɗi zai ga jerin ɗigogi, wani lokaci a ƙarƙashin farashi, wani lokaci a samansa. Ba'amurken injiniya J. Welles Wilder ne ya fito da wannan ma'auni a littafinsa New Concepts in Technical Trading Systems na shekarar 1978. Dabarar ita ce, in ɗigo yana ƙasa ka riƙe abin da ka saya. Ranar da farashi ya taɓa ɗigon ka sayar, kuma nan take ka juya ka bi faɗuwar kasuwa. Tsarin ba ya barin mutum ya zauna a gefe ko da rana ɗaya, kuma daga nan matsalarsa take farawa.

Lissafin ɗigon gobe gajere ne:

```
SAR gobe = SAR yau + AF × (EP − SAR yau)
```

EP shi ne farashi mafi tsada da aka gani tun da hawan ya fara, a lokacin faɗuwa kuma mafi araha. AF kuwa shi ne ke faɗin kashi nawa na tazarar da ke tsakanin ɗigo da EP za a cinye kowace rana. Yana farawa daga 0.02, ana ƙara masa 0.02 duk ranar da farashi ya kafa sabon EP, kuma ba ya wuce 0.20.

Mu ce ɗigo yana kan dala 100, EP kuma 110. Kashi 2 cikin ɗari na tazarar dala 10 kawai za a ɗauka, ɗigo ya koma 100.20. Washegari farashi ya kai 112, AF ya zama 0.04, ɗigo ya hau 100.67. Ya kai 115, AF ya zama 0.06, ɗigo 101.53. Da farko yana jan ƙafa don ya ba sabon hawa sarari, amma bayan sabon EP tara AF ya kai 0.20, ɗigon na cinye kashi ɗaya cikin biyar na tazarar kullum. Wannan ƙarin sauri ne ke lanƙwasa layin ɗigogin. A kasuwar da ta miƙe tana hawa, wannan aiki ne mai kyau, domin yana tsare ribar da aka riga aka samu.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ranar da babu sabon EP, AF ne ke tsayawa, ɗigon ba ya tsayawa. Yana ci gaba da matsowa ko farashi bai motsa ba. A wurin Wilder, hawan da ya daina ci gaba ya kusa mutuwa, don haka lokaci ma yana cikin lissafi.

To, ga kasuwar da ke kai da komo tsakanin 100 da 110. Ɗigo na kan 102, EP 110, AF 0.10, farashi ya cije. Cikin kwana huɗu ɗigon ya bi 102.80, 103.52, 104.17, ya kai 104.75. Farashi ya ɗan sauko 104.50, abin da ya saba yi a wannan zangon, sai tsarin ya ce a sayar a juya. Sabon ɗigo ya koma sama kan tsohon EP, wato 110, AF ya dawo 0.02. Farashi ya sauka 103, ya taɓa 101, AF ya kai 0.06, sannan ya juyo sama. Ɗigon da ke saukowa a hankali ya haɗu da shi a wajen 108.16, tsarin ya ce a saya. An sayar a 104.75, an sake saye a 108.16: asarar dala 3.41, ban da kuɗin dillali, kuma yanzu mutum na riƙe da kaya dab da rufin da farashi ya saba dawowa daga gare shi. Haka za a yi ta yi, a saya da tsada a sayar da araha.

Wasu kan rage AF zuwa 0.01. Juye-juyen na raguwa, gaskiya ne, amma ɗigon zai yi nisa da farashi, ranar da hawa na gaske ya ƙare sai an mayar da riba mai yawa kafin a fita. Sauya lamba ba ta gyara tushen abin, domin lissafin ba shi da hanyar tambayar ko kasuwa na tafiya wani wuri.

Alamun suna bayyana a ido: ɗigogi na sauya gefe bayan 'yan kwanaki, AF ba ya yin nisa kafin ya koma 0.02, tsadar farashi na tsayawa kusan wuri ɗaya. Wilder da kansa ya ba da shawarar haɗa shi da ma'auninsa na ƙarfin tafiyar kasuwa, ADX, wanda 'yan kasuwa ke ɗaukar ƙasa da 20 a matsayin babu tafiya, sama da 25 kuma akwai. A ganina, muddin ADX yana ƙasa da 20, kada mai karatu ya saya ko ya sayar don ɗigo ya sauya gefe.