Layuka Biyun Da Ke Ƙasan Fasfonka: Me Suke Faɗa Wa Na'ura?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in shige da fice a filin jirgi ya ga wannan. Kana miƙa fasfo, sai ya buɗe shafin da hotonka yake, ya kifa shi a kan gilashin wata 'yar na'ura. Kafin ka gama gyara hula, sunanka da ranar haihuwarka sun bayyana a allon kwamfutarsa. Mutane da yawa suna zaton na'urar daga saman shafin take ɗauko bayanin, inda aka rubuta komai filla-filla. Abin da take fara nema shi ne layuka biyun nan na can ƙasa, masu cike da baƙaƙe da lambobi da wata alama mai kama da bakin kibiya, wato <. Ma'aikatan harkar suna kiran wannan yanki MRZ, ma'ana yankin da na'ura ke karantawa.

Babu wani sirri a cikinsu, kuma mai fasfo zai iya karanta su da idonsa cikin minti biyar. Tsarin ya fito ne daga ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, wadda hedikwatarta ke Montreal a Kanada. Ta shimfiɗa ƙa'idojin a wani kundi mai lamba 9303, wanda ya fara fitowa a 1980, kuma ta tsayar da 24 ga Nuwamba 2015 a matsayin ranar da ya kamata a ce tsofaffin fasfunan da na'ura ba ta iya karantawa sun daina aiki. Shi ya sa fasfon Najeriya da na Nijar da na Japan duk suke da layukan nan iri ɗaya: layi biyu, kowanne mai gurbi 44, ba ƙari ba ragi.

Ga samfurin da ICAO kanta take koyarwa da shi. Matar ƙirƙirarriya ce, ƙasar ma haka, don haka ba mu tona asirin kowa ba:

```
P<UTOERIKSSON<<ANNA<MARIA<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
L898902C36UTO7408122F1204159ZE184226B<<<<<10
```

Layin sama na suna ne. Harafin farko, P, yana cewa wannan takarda fasfo ce. Gurbi na biyu wasu ƙasashe suna sa harafi a ciki don bambanta fasfon jakadu ko na ma'aikatan gwamnati da na gama-gari, in babu sai a cike shi da <. Sai baƙaƙe uku na ƙasar da ta bayar da fasfon. A samfurin UTO ne. A na Najeriya za ka ga NGA, na Nijar NER, na Ghana GHA, na Kamaru CMR, na Chadi TCD, na Sudan SDN. Gurabe 39 da suka rage duk na suna ne: sunan dangi a gaba, sai alamar < guda biyu, sannan sauran sunayen, ana raba tsakaninsu da < guda ɗaya. Jerin kibiyoyin da ke biye ba sa nufin komai, ciko ne kawai don layin ya kai 44.

A nan ne ya kamata Bahaushe ya buɗe ido, domin wurin bai san rubutunmu ba. Abin da aka yarda ya shiga shi ne manyan baƙaƙe daga A zuwa Z, lambobi daga 0 zuwa 9, da alamar <. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, saboda haka Ɗanladi zai koma DANLADI, Ɓaidu ya koma BAIDU. Alhamzar da ke cikin suna kamar Sa'adatu ko Mu'azu jefar da ita ake yi a haɗe baƙaƙen, sai ka ga SAADATU da MUAZU. Karan ɗori kuwa yana komawa <, wato Abdul-Aziz ya zama ABDUL<AZIZ. Laƙabi irin su Alhaji, Hajiya ko Dakta ba su da wuri, sai dai in ƙasar ta ɗauke su a matsayin wani ɓangare na sunan a hukumance. Idan suna ya yi tsawon da ya wuce gurabe 39, gutsure shi ake yi. Duk waɗannan ba kuskure ba ne, kada su tayar maka da hankali.

Wanda zai tayar da hankali shi ne a juya maka sunaye. Mu da muke amfani da sunan mahaifi ko sunan gari a matsayin sunan dangi, abu ne mai sauƙi sunan yanka ya faɗa gurbin sunan dangi a lokacin cike fom. Hanyar ganewa ɗaya ce: duba abin da ya zo kafin << ɗin farko. Shi duniya za ta ɗauka sunan danginka, kuma shi ya kamata ya zauna a wannan gurbi a kan tikiti da takardar neman biza. Maniyyaci ko ɗalibin da zai ba wani ya sayo masa tikiti, gara ya kwafo sunan daga wannan layi harafi bayan harafi.

Layin ƙasa ya fi cunkushewa, amma kowane abu yana da mazauninsa da ba ya gusawa. Gurabe tara na farko lambar fasfo ce, a samfurinmu L898902C3. Tsallake lamba ɗaya, sai baƙaƙe uku na ƙasar da mai fasfon yake ɗanta, wanda galibi daidai yake da na layin sama. Daga nan sai ranar haihuwa a lambobi shida, kuma a juye take da yadda muka saba: shekara, wata, sannan rana. Saboda haka 740812 na nufin 12 ga Agusta 1974. Lura cewa ba a rubuta ƙarni ba, manhajar na'urar ce ke yanke hukuncin cewa 74 na nufin 1974. Tsallake wata lambar, sai jinsi: F mace, M namiji. Sai ranar ƙarewar fasfo a tsari iri ɗaya, 120415, wato 15 ga Afrilu 2012. Bayan wata lambar kuma akwai gurabe 14 da aka bar wa kowace ƙasa ta sa abin da ta ga dama, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa, ko ta cike su da <.

To, waɗannan lambobi da nake ta cewa a tsallake fa? Su ne suka fi burge ni a duk tsarin. Lambobin tantancewa ne, kowacce tana gadin abin da ta biyo baya. Na'ura tana iya ganin 8 ta ɗauka 3 ne saboda ƙura, ko lanƙwasa, ko hasken da ya faɗa kan shafin, kuma da wannan lamba take gane ta yi tuntuɓe. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ana ninka lambobin ɗaya bayan ɗaya da 7, da 3, da 1, a sake komawa 7, 3, 1 har su ƙare. Sai a tara sakamakon, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimillar. Mu gwada da ranar haihuwar nan:

```
7×7 + 4×3 + 0×1 + 8×7 + 1×3 + 2×1
49 + 12 + 0 + 56 + 3 + 2 = 122
```

Jimilla 122 ce, lambarta ta ƙarshe 2. Koma kan samfurin, za ka ga bayan 740812 lambar da ta biyo 2 ce. Yanzu a ce na'urar ta karanta 8 ɗin nan a matsayin 3. Maimakon 56 za ta samu 21, jimillar ta sauko zuwa 87, ƙarshenta 7. Bakwai ba ta yi daidai da biyun da ke rubuce ba, nan take na'urar za ta ƙi karɓa, jami'in ya goge shafin ya sake kifawa, ko ya buga da hannu.

Inda akwai baƙaƙe, kowanne yana da darajarsa: A goma ce, B sha ɗaya, haka har Z mai 35, alamar < kuma sifili. A lambar fasfon samfurin, L tana da 21, C tana da 12, kuma in ka bi lissafin za ka samu 316, shi ya sa 6 ta biyo bayanta. Gurbi na 44, na ƙarshe a layin, shi ne babban mai gadi. Yana haɗa lambar fasfo, ranakun nan biyu, guraben nan 14, da dukkan lambobin tantancewarsu a lissafi guda.

Sai dai gadin yana da iyaka, kuma sanin iyakar ya fi sanin lissafin amfani. Akwai kuskuren da ke sulalewa: in aka musanya lambobi biyu maƙwabta da ke da tazarar biyar a tsakaninsu, lissafin ba ya gani. Ɗauki 27 da 72 a farkon lambar fasfo. Na farko yana ba da 14 da 21, wato 35, na biyu 49 da 6, wato 55, kuma duk biyun da 5 suka ƙare. Haka kuma lissafin ba makamin kama jabu ba ne, tunda duk wanda ya karanta sakin layin da ya gabata ya iya shi. Kama jabu aikin sauran alamomin tsaron da ke jikin shafin ne, da 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikin fasfon zamani.

Babbar iyakar kuwa ita ce wannan. Lambar tantancewa tana tabbatar da cewa na'ura ta karanta abin da aka buga, amma ba ta san ko abin da aka buga gaskiya ne ba. In ma'aikaci ya shigar da 21 ga wata a maimakon 12 tun a ofis, kwamfuta za ta lissafa lambar tantancewa a kan kuskuren, kuma kowace na'ura a duniya za ta karɓe shi hannu bibbiyu. Layin suna kuma gaba ɗayansa ba shi da mai gadi ko ɗaya, haka ma gurbin ƙasa da na jinsi. Idan aka rubuta HASANA a inda ya kamata a rubuta HASSANA, babu na'urar da za ta yi ƙara. Ba za a gane ba sai ranar da sunan ya saɓa da na tikiti ko na takardar makaranta, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Akwai wani aikin da layin ƙasa ke yi wanda ba kowa ya sani ba. A fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki, irin wanda Najeriya ta fara bayarwa a 2007, daga lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar ƙarewa ake haɗa mabuɗin da na'ura ke buɗe ƙwaƙwalwar da shi. Hikimar ita ce kada wani ya matso kusa da aljihunka ya kwashe bayananka ta iska alhali fasfon na rufe, dole sai ya ga shafin. Wannan ya isa dalilin da zai hana mutum ɗora hoton shafin nan a dandalin sada zumunta don murnar fasfo ya fito. Wasu sukan rufe lambar fasfon da ke sama da yatsa, su manta cewa tana nan a ƙasa tare da ranar haihuwarsu. Kuma a kiyaye gefen shafin daga ruwa, maiƙo, da mannen takarda, domin ƙaramin tabo a kan layukan yana iya tsayar da kai a layi.

Saboda haka ranar da aka miƙo maka sabon fasfo, kada ka yi gaggawar sa shi a aljihu. Tsaya a nan cikin ofishin, ka bi layin sama harafi bayan harafi, ka tabbata sunan da ke gaban << shi ne sunan danginka, sannan ka karanta ranar haihuwarka a layin ƙasa: shekara, wata, rana. In ka ga saɓani, ka nuna wa jami'in kafin ka fita ƙofa.