Dabarar Jera Launuka A Rumfunan Kasuwar Monday Ta Maiduguri

Bayan gobarar da ta laƙume Kasuwar Monday ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023, gwamnatin Jihar Borno ta sake gina ta, inda shaguna suka jeru sahu-sahu da kamannin juna. A irin wannan yanayi, launin kayan da ɗan kasuwa ya baje a bakin rumfarsa na daga cikin abin da ke sa mai wucewa ya tsaya ko ya zarce gaba.

Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da wanda ke kusa da shi. Saboda haka launukan da ke kishiyantar juna, kamar ja da kore, ko ruwan lemo da shuɗi, sukan ƙara wa juna haske idan aka haɗa su.

A ɗauki teburin mai sayar da lemo da kankana da ayaba. Idan ya zuba lemo kusa da ayaba a kan katako, rawayar biyu sukan narke cikin juna, daga nesa ba a bambanta su. Amma idan ya shimfiɗa shuɗiyar leda, ya tula lemon a kanta, ya sa kankana tsakaninsa da ayabar, sannan ya yanka guda ɗaya ya juya jan cikinta wajen hanya, kowane kaya zai fito daban. Sai dai kankanar da aka yanka ba ta jure zafin Maiduguri, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Dole a rufe ta da leda mai shara-shara, a kuma sayar da ita da wuri.

Masu sayar da lafaya da atamfa kuwa, matsalarsu yawan launi ce. Zanuwa masu ado goma a jere kan hana ido tsayawa a kan ko ɗaya. Maganinsa shi ne a raba su da yadi marar zane, fari ko mai duhu, a rataye mafi haske daidai tsayin ido. Rana na koɗar da rini, don haka yadin da ke bakin ƙofa ana sauya shi lokaci-lokaci. Alamar ya daɗe ita ce bakin ninki ya fi sauran jikinsa fari.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne na tamfol. Hasken da ya ratsa shuɗin tamfol kan dusashe jan tumatir, ya kuma sauya launin farar shadda. Mai sayen da ya fita da ita rana ya ga wani launi daban kan dawo da ita, wani lokaci har da rigima. Farin tamfol ya fi aminci. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ɗan kasuwa ya koma baya taki goma, ya kanne idanu ya dubi rumfarsa. Kayan da ya ɓace masa a wannan kallo, wurinsa ko abin da ke bayansa ne ke buƙatar sauyi.