Kumburi a wuya: kaluluwa ce ko maƙoƙo, kuma me hoto zai iya gaya mana?

Yanzu da salula ta shiga hannun kowa, idan wani abu ya fito wa mace a wuya, ko ya fito wa ɗanta, kafin a je gidan likita sai a ɗauki hoto a tura wa ƴar uwa a Maraɗi ta WhatsApp: "Ke dubi wannan, me kika gani?" Wata ta ce maƙoƙo ne, wata ta ce kaluluwa ce za ta baje da kanta. Kowace tana iya yin daidai, kowace kuma tana iya sa a zauna gida da ciwon da ke son gaggawa. An ce gani ya kori ji, to amma a sha'anin wuya gani kaɗai bai isa ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Abu biyu ne daban

Kaluluwa wasu ƴan ƙwayoyi ne da kowa ke da su a ƙarƙashin fata, a wuya da hammata da matsematsi. Aikinsu tare ƙwayoyin cuta. Idan haƙori ya yi ciwo, ko maƙogwaro, ko kunne, ko yaro ya yi ƙuraje ko makero a kai, sai kaluluwar da ke kusa ta kumbura. Shi ya sa ake jin ta a gefen wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi, bayan kunne ko a ƙeya. Irin wannan ba ta cika wuce girman ƙwayar wake ko gujiya ba, tana da zafi idan an taɓa, tana gudu ƙarƙashin yatsa, kuma cikin sati biyu zuwa huɗu takan ragu bayan ciwon da ya tayar da ita ya warke.

Maƙoƙo kuwa kumburin wata tsoka ce guda ɗaya da ke gaban wuya daga ƙasa, a manne da maƙogwaro, tana da ɓangare biyu, dama da hagu. Ita ke fitar da sinadarin da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da ƙarfin jiki, kuma ba ta iya yin haka sai da sinadarin aidin, wanda ake kira iyod a gidan likita. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, sai tsokar ta yi ta girma don ta cike giɓi. Ya fi kama mata, musamman lokacin balaga da ciki da shayarwa: babban mutum yana bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Saboda haka ne tun cikin shekarun 1990 Nijar ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Sai dai gishirin gargajiya da ake kawowa kai tsaye daga Bilma ko Foga galibi ba a sa masa. Kuma ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, wani daga ciwon tsokar kanta ne.

Gwajin kurɓar ruwa

Ga hanya mafi sauƙi ta rarrabe su. A zaunar da mai kumburin inda akwai haske, ta ɗaga haɓa kaɗan, ta kurɓi ruwa ta riƙe a baki, sannan ta haɗiye kina kallon wuyanta. Maƙoƙo yakan hau sama ya sauko tare da maƙogwaro, don a jikinsa yake. Kaluluwa ba ta bin haɗiya, tana nan inda take.

Kin ga hoto ba zai taɓa nuna wannan ba. Idan dole sai an tura wa wani, bidiyo na daƙiƙa goma ana haɗiyar ruwa ya fi hoto goma. In kuma hoton ne, a ɗauka da rana a tsakar gida, a cire ɗankwali da sarƙa daga wuya, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. A ɗora tsabar dala goma kusa da kumburin. Faɗinta ya ɗan wuce santimita 2, don haka mai kallo zai san girman abin. A sake ɗauka bayan sati ɗaya da tsabar nan, sai a ga ko yana ƙaruwa.

Abin da ke tayar da hankali a hoto

Na farko, girma da wuri. Kaluluwar da ta kai faɗin dala goma ko ta wuce, ko ƙululai da yawa da suka cure wuri ɗaya, suna son likita. Akwai kuma ɗan ramin nan da ke saman ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Duk ƙululun da ya fito a ramin nan, komai ƙanƙantarsa, ba a jira da shi, don yakan zama saƙon ciwo daga ƙirji ko ciki.

Na biyu, fata. Idan ta yi ja ko ta yi sheƙi ta ɗame, ga zazzaɓi, mai yiwuwa mugunya ce ta taru, kuma a ranar ya kamata a tafi. Idan kuma ƙululun ya fashe ya bar ƴar ƙofa da ke tsiyayar ruwa sati da sati, ko ana ganin tabon tsofaffin ƙofofi a gefe, abin da likita zai fara nema shi ne tarin fuka na kaluluwa. Mutane da yawa ba su san tibi na kama wuya ba tare da tari ba.

Na uku, fuska da ido. Mai maƙoƙon da idanunta suka firfito kamar a tsorace, tsokar ce ke aiki fiye da kima. Sau da yawa za ki ji tana ramewa alhali tana ci, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ba ta jure zafi. Idan kuwa jijiyoyin wuya da na ƙirji sun taso raɗa-raɗa ko fuska ta kumbura, alama ce kumburin yana danne wani abu daga ciki.

Na huɗu, yara. Kumburin da ke gaban kunne har yana ɗaga leɓen kunnen, galibi hangum ne. Amma yaron da wuyansa ya cika ta kowane gefe, ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ga wani abu fari-fari ko toka-toka a manne can cikin baki, a yi tunanin mashaƙo, wanda ya ɓarke a jihar Damagaram da Kano a 2023. Wannan na kashewa, kuma yana yaɗuwa. Haka yaron da muƙamuƙinsa ke kumbura cikin ƴan satuttuka har haƙora na girgiɗa: akwai wani ciwon daji na yara mai saurin girma, wanda ke jin magani idan an zo da wuri.

Abin da hoto ba ya faɗi

Hoto bai san tauri ba. Ƙululun da ya yi tauri kamar dutse, ba ya motsi, ba ya zafi, yana ƙaruwa a hankali, ya fi mai zafi haɗari, ko da a hoto bai kai shi muni ba. Mu kan ce "ai ba ya yi mani ciwo" sai mu kwantar da hankali, alhali rashin ciwon ne abin dubawa. Hoto kuma bai jin murya. Muryar da ta dishe ta wuce sati uku, abinci na tsayawa a wuya, numfashi na ƙara ko yana wuya idan an kwanta, duk sai an tambaya. Wahalar numfashi ba ta kwana a gida.

Mu bi misali ɗaya

A ce wata mata ce a Jiratawa, shekarunta 35, an turo hotonta: ƙululu a gefen wuya na dama, ƙasa da kunne da kamar yatsu uku, fatar lafiya lau. Wadda ta gani ta ce, "Maƙoƙo ne, ki canza gishiri." Kafin a yarda, tambaya huɗu. A ina yake? A gefe, ba gaba ba. Yana hawa da haɗiya? A'a. To tun nan maƙoƙo ya fita, gishiri ba zai yi masa komai ba. Yaushe ya fito? Wata biyu ke nan, daga girman wake ya wuce dala goma, yanzu ma kamar uku ne a haɗe, ba zafi. Me kuma take ji? Zazzaɓin marece, zufa cikin dare har zane ya jiƙe, ta rame, kuma surukarta ta yi dogon tari bara.

Wannan ba kaluluwar ciwon haƙori ba ce. Sai ta tafi gidan likita na kusa, daga nan a tura ta asibitin gunduma a Madarumfa ko babban asibiti a Maraɗi. Ƴar Tsibiri kuwa gundumarta Gidan Rumji ce. Can za a taɓa wuyan, a duba baki da hammata, a ɗauki hoton ƙirji, a zuƙo ɗan ruwa daga ƙululun da siririyar allura a auna. Akan kuma auna jini don ƙanjamau, wannan ƙa'ida ce ga duk wanda ake zargin tibi, ba zargin hali ba ne. Idan tibi ne, maganin kyauta ne, wata shida ana sha kullum. A farkon shan magani ƙululun na iya ƙara girma kafin ya baje, kada a ce magani bai karɓe ta ba a daina. Idan awon bai nuna tibi ba, sai a yanki ɗan naman a duba ko ciwon daji ne.

Da a ce kumburin a gaba yake yana hawa da haɗiya, hanyar daban ce: awon jini da za ki ga an rubuta TSH a takarda, da hoton na'urar da ake duba ciki da ita, wato ekogarafi. Mafi yawan maƙoƙo ba ciwon daji ba ne. Amma wanda ya daɗe ya yi ƙululai, gishiri mai aidin ba ya narkar da shi. Gishirin yana kare waɗanda bai kama ba ne, da jaririn da ke ciki. Wanda ke danne numfashi ko haɗiya, aiki ake yi a cire.

Kafin a kai ga likita, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya. Manyan jijiyoyin jini na nan kusa, kuma kaluluwar tibi da aka tsaga takan bar gyambon da ke ƙin warkewa. Kada a sha jan maganin aidin na wanke ciwo, na fata ne. Ƙwayoyin masu talla kuma suna iya lafar da zazzaɓi su ɓoye ciwon. Ƙaramar kaluluwa mai zafi da ta biyo ciwon haƙori ko mura, a yi maganin ciwon a ba ta sati uku. Idan ranar ta cika tana nan yadda take, ko ta ƙaru, a tafi da hotunan duka a nuna wa likita.